Yadda ake tsara godiya a ranar difens ko kwanfarens: wa za ka ambata, kuma a wane silayid

Na taɓa zama a wani difens inda aka ba ɗalibi minti 15 ya gabatar da aikinsa, wallahi sai da ya cinye kusan minti huɗu yana godiya, daga shugaban jami'a zuwa shugaban tsangaya zuwa kawunsa da ya biya masa kuɗin makaranta, har da abokan zamansa na hostal, kafin ya iso kan sakamakon binciken nasa ciyaman ya riga ya ɗaga masa takardar "saura minti biyu". Abin haushin kuma, mutumin lab da ya yi masa duk gwaje-gwajen yana zaune a kujerar baya, ko sunansa bai fito ba.

Mu dai an tashe mu da cewa yaba kyauta tukuici, kuma hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, to babu mai cewa a daina godiya. Amma godiyar da ke cikin kundinka daban, wadda za ka yi a gaban fanel daban. A kundi kana da shafi guda sukutum, babu mai riƙe maka agogo, ka sa Hajiya da Baba da uwargida da yara duka. A gaban fanel kuwa godiya wani ɓangare ne na bayanin aikin, tana gaya wa masu sauraro wa ya ba da kuɗi, wa ya ba da data, wa ya yi wane sashe da hannunsa. Idan ka riƙe wannan, sauran matakan ba su da wuya.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ɗaliba ce ta mastas a fannin kimiyyar ƙasa, ta yi bincike kan taruwar gishiri a gonakin noman rani na yankin Kadawa da Kura a jihar Kano. Ta ɗebo samfurin ƙasa 60 daga gonaki 20, an auna mata a lab, ta karɓi bayanan ruwan sama daga hukumar NiMet, kuma ita malama ce a wata kwalejin ilimi da TETFund ke ɗaukar nauyin karatunta. An ba ta minti 20 a difens na waje.

Mataki na farko, ki ɗauki takarda ki rubuta kowa da kowa, kar ki tace komai tukuna. Kuma kar ki dogara da ƙwaƙwalwa, don ƙwaƙwalwa manya take tunawa ta manta ƙanana. Ki bi aikin ne daga farkonsa: wa ya taya ki gyara furofozal, wa ya sa hannu aka ba ki izinin shiga gonaki, wa ya riƙe miki ogar haƙa ƙasa a cikin rana, wa ya auna, wa ya taya ki lissafi, wa ya zana taswira, wa ya karanta ya gyara Turancin. Buɗe babin hanyoyin bincike ki bi shi layi layi, duk inda kika rubuta "an yi kaza" ki tambayi kanki wa ya yi. A gaban kowane suna ki rubuta abin da ya yi a kalma uku ko huɗu. Ɗalibarmu da ta yi haka sai ta tashi da suna 23.

Wannan ɗan rubutun na gefen suna shi ne zai yi miki aikin tacewa a mataki na biyu. Duk sunan da kika kasa rubuta masa takamaiman abu sai dai "goyon baya" ko "addu'a" ko "shawara ta uba", to wurinsa shafin godiya na kundi, ba silayid ba. Tambayar da nake ba ɗalibai ita ce: da babu mutumin nan, akwai wani teburi ko hoto ko sakamako da ba zai fito a wannan gabatarwar ba? In amsar e ce, ya shiga. In a'a ce, ki kai masa godiyarsa gida, ya ma fi jin daɗinta a can. Da wannan tambayar kaɗai suna 23 suka koma 9. Mijinta ya fita, mahaifiyarta ta fita, shugaban kwalejinsu ya fita, ƴan ajinsu shida sun fita sai ɗaya da ya haɗa mata taswirar wurin bincike a manhajar QGIS.

Nan ne mutane ke fara jin nauyi, "to HOD fa? in ban ambace shi ba ai zai ji ba daɗi". Ga yadda nake kallon abin. Shugaban sashe kina gaishe shi a buɗewa, wannan gaisuwa ce, haƙƙin kujerarsa ce, jimla ɗaya ta isa: ciyaman, mai jarrabawa na waje, malamaina, barkanku da safiya. Amma sunansa ba zai hau silayid ɗin godiya ba sai in ya yi wani abu a aikin, misali shi ya ba da motar sashe aka je fili, to sai a ce sashe ya ba da mota. Gaisuwa da godiya ba abu ɗaya ba ne, kuma yawancin ɓata lokacin da ake yi a difens daga cakuɗa su yake zuwa.

Akwai mutanen da kuma bai kamata sam su hau silayid ɗin ba ko da kina son su hau. Na farko masu jarraba ki, na ciki da na waje. Ba su gama aikinsu ba tukuna, yanzu ne za su yanke hukunci, to sa sunansu a jerin waɗanda suka taimaka miki yana kama da toshiyar baki, kuma yana sa su kansu cikin wani hali. Bayan an gama tambayoyi ki ce kin gode da gyare-gyarensu, da baki, shi kenan. Na biyu mutanen da kika yi bincike a kansu. Idan a takardar neman yardarsu kin yi alkawarin ba za a bayyana sunansu ba, to silayid ɗin godiya ma bayyanawa ce. Ɗalibarmu ta so ta rubuta sunayen manoma uku da suka fi taimaka mata, amma ka duba, bincikenta yana cewa wasu gonakin gishiri ya fara cinye su, mutum yana iya son jinginar da gonarsa ko sayarwa gobe, ga sunansa a allo kusa da wannan labarin. Sai ta rubuta manoman da suka ba da izinin shiga gonakinsu, a dunƙule. A aikin asibiti abin ya fi haka tsanani, ba a ko tunanin sa sunan mara lafiya.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi jawo rigima daga baya: raba waɗanda abokan aikin ne da waɗanda masu taimako ne. A difens sunanki ne a kan aikin, sufabaizoji kuma suna ƙasa da sunanki a silayid na farko, babu gardama. Amma in wannan aikin ne za ki kai kwanfarens, to akwai maganar jerin marubuta. Ƙa'idar da mujallun likitanci suka fi bi, ta kwamitin editoci da ake kira ICMJE, ta sa sharuɗɗa huɗu kafin mutum ya zama marubuci: ya yi hannu sosai a tsara binciken ko tattara data ko fassara ta, ya rubuta ko ya yi gyara mai zurfi, ya amince da rubutun ƙarshe, kuma ya yarda a tuhume shi kan aikin in an ga matsala. Wanda bai cika duka huɗun ba, godiya ce rabonsa. Ba kowane fanni ke bin wannan ƙa'idar harafi da harafi ba amma ma'aunin yana da amfani ko'ina. Abin da za ki kiyaye shi ne mutum ba ya zama a wuri biyu, in sunansa yana jerin marubuta ba a sake gode masa a ƙarshe, ai kamar ki gode wa kanki ne. Sannan wanda ya yi miki duk lissafin a manhajar R, ya zaɓi irin gwajin da za a yi, ya fassara miki abin da lambobin ke nufi, wannan kar ki lallaɓa ki tura shi layin godiya ki wuce, ki zauna da shi da sufabaiza a yi magana tun kafin a tura abstirak. Na ga zumuncin shekaru ya mutu a kan wannan.

Wani abu kuma da kwamitin nan ya ba da shawara a kai wanda ba mu cika yi ba: a nemi izinin mutum kafin a sa sunansa a godiya, saboda mai karatu yana iya ɗauka ya amince da sakamakon. Ka ce wani farfesa ya ba ka shawara a baranda na minti biyar, ka rangaɗa sunansa a allo, mai jarrabawa ya gano kuskure a hanyar bincikenka ya juya ya ce "Farfesa wane ya ga wannan kuma ya bar shi?" ka ga ka jawo wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba. Saƙon waya guda ya isa: Malam, ina so in ambace ka a godiya kan taimakon da ka yi min wajen kaza, ka amince, kuma yaya kake so a rubuta sunan? Wannan tambayar ta ƙarshe ba ƙaramar aba ba ce, a nan ne za ka gano Dakta ya zama Farfesa tun bara, ko Muhammad ɗinsa ba irin rubutun da kake zato ba ne.

To yanzu maganar wuri, mataki na huɗu. Mutane suna ɗauka godiya wuri ɗaya gare ta, a ƙarshe. A gaskiya wuri uku ne, kuma kowane irin taimako da nasa.

Silayid na farko yana ɗaukar sunanki, sufabaizoji ko abokan rubutu, jami'a, da mai ba da kuɗi. Dalilin sa mai kuɗi a gaba ba fadanci ba ne, mai sauraro yana da haƙƙin sanin wa ya biya kafin ya ji sakamakon. In kamfanin taki ne ya ɗauki nauyin bincike kan taki, ai gara a sani tun farko ba sai an gama tafi ba. Shi ya sa a tarukan likitoci da yawa ake buƙatar silayid na bayyana alaƙa da kamfanoni nan da nan bayan na take, kuma ko ba ka da wata alaƙa sai ka faɗi hakan. Ga ɗalibarmu, TETFund ce, hukumar da dokar 2011 ta kafa a madadin tsohuwar ETF, kuma tana da layukan tallafi daban-daban, na karatun malamai daban, na bincike a matakin makaranta daban, na ƙasa baki ɗaya daban, na zuwa kwanfarens ma daban. Don haka kar ki rubuta sunan hukumar kawai ki tafi, ki ɗauko takardar da aka ba ki tallafin ki kwafi sunan shirin yadda yake a ciki, da lambar in akwai. Wasu masu ba da tallafi, musamman na waje, suna da jimlar da suke so a rubuta da tambarin da suke so a sa, har da inda za a sa shi, duk yana cikin yarjejeniyar da kika sa wa hannu ba ki karanta ba. Kuma wanda ya biya kuɗin tafiya taron kaɗai ba shi ne ya biya kuɗin binciken ba, a bambanta.

Wuri na biyu shi ne wanda aka fi mantawa: a kan silayid ɗin da abin ya fito. Duk hoto, taswira, teburi ko data da ba ke kika samar ba, sunan mai shi yana nan ƙasa da shi da ƙananan haruffa, ba a jira sai ƙarshe. Silayid ɗin ruwan sama na ɗalibarmu yana da layi ɗaya a ƙasa, haka ma na taswira:

```
Data: NiMet
Map: (sunan wanda ya zana), QGIS
```

Wannan yana kare ki ne ma. In mai jarrabawa ya ce lambobin ruwan nan daga ina, amsar tana gabansa. In kuma kin yi shiru sai daga baya aka gano taswirar ba taki ba ce, ba wanda zai kira shi mantuwa. Da baki ma haka ne, lokacin da kika iso wurin auna pH da EC, wato tsamin ƙasa da yawan gishirinta, sai ki ce a lab ɗin sashe aka auna, Malam wane ne ya gudanar da na'urar, daƙiƙa uku kenan, kuma ta fi masa daraja fiye da a jera shi na bakwai a ƙarshe lokacin da kowa ya fara duba waya.

Wuri na uku shi ne silayid ɗin godiya kansa, kuma ni ra'ayina ya zo na biyun ƙarshe, ba na ƙarshe ba. Dalili: duk silayid ɗin da kika tsaya a kai shi zai zauna a allo tsawon lokacin tambayoyi, minti 10 a kwanfarens, a difens kuwa yana iya kai awa. Me kike so fanel su yi ta kallo duk tsawon nan, jerin sunaye ko manyan sakamakonki guda uku? To ki gama kammalawa, ki nuna godiya, sannan ki danna zuwa silayid na ƙarshe mai ɗauke da taƙaitaccen sakamako da adireshin imel ɗinki. Wancan silayid ɗin mai katon "Thank you for listening" da hoton fure ki goge shi kawai, da baki ake faɗa.

Wasu fannonin, musamman masu aiki a manyan lab-lab, suna sa godiya a farko da hoton ƴan ƙungiyar, suna cewa in lokaci ya ƙare maka aƙalla ba ka ci haƙƙin kowa ba. Hujja ce mai kyau, kuma in kai babban malami ne da aka gayyata ka yi jawabin minti 45 kan aikin da ɗalibanka suka yi, to lallai ka faɗi sunayensu tun farko. Amma ɗalibi a difens, minti biyun farko su ne lokacin da hankalin fanel ya fi kasancewa tare da kai, kar ka kashe su a kan sunaye. Kafin komai dai ka tambayi kodinetan karatun gaba da digiri ko sashenku yana da tsarin da ake bi, ko ka shiga difens ɗin wani kafin naka ka gani, in suna da tsari shi za ka bi ko da ya saɓa wa nawa. A fosta kuwa wurinta ƙasa ne, yawanci kusurwar dama, tare da tambarin mai tallafi.

Mataki na biyar, gina silayid ɗin. Kar ki jera sunaye zalla kamar jerin masu karɓar zakka, ki haɗa su rukuni rukuni bisa abin da suka yi, kowane suna da aikinsa. Na ɗalibarmu ya fito kamar haka:

```
Acknowledgements
Supervision: Prof. A, Dr. B
Funding: TETFund (sunan shirin, lamba)
Laboratory: Mr. C
Field work: Mr. D, Mr. E; participating farmers
Statistics: Dr. F
```

Layi biyar, ana karantawa daga bayan ɗaki. Jerin ya bi girman gudummawa, ba girman muƙami ba, shi ya sa mutumin lab ya zo kafin Dakta mai lissafi, don wata uku ya yi a kan samfuran nan shi kuma Daktan yini biyu. In kina tsoron a ce kin fifita wani a cikin rukuni ɗaya, bi tsarin haruffa. Muƙamai kuma a daidaita, ko kowa da nasa ko kowa babu, kar a ce Farfesa wane da Dakta wane sannan mutumin lab a rubuta sunansa tsirara kamar yaron gida. Tambari biyu ko uku sun isa, kuma kar ki ɗauko tambarin hukumar da kawai ta ba ki data ki manna, zai zama kamar da su aka yi aikin.

Maganar godiya ga Allah, na san za a tambaya. A yawancin jami'o'inmu na Arewa ba wanda zai ɗaga gira don ka buɗe da bisimilla ko ka ce Alhamdulillah a ƙarshe, kalma ɗaya ce, ka faɗa ka wuce. Abin da ba ya dacewa shi ne doguwar huɗuba a cikin lokacin da aka ƙayyade maka. A taron ƙasa da ƙasa kuma ba al'adarsu ba ce a silayid, sai ka yi taka a zuciya kafin ka hau. Iyali ma haka, a difens na digirin digirgir in mahaifiyarka tana zaune a ɗakin jimla ɗaya gare ta bayan an sanar da sakamako ta fi kyau, lokacin ba a cikin agogo kake ba kuma in murya ta rawa ba komai.

Mataki na ƙarshe, ki gwada faɗa da agogo a hannu. Daƙiƙa 30 zuwa 40 ne kasonta a jawabin minti 20, wato jimla huɗu ko biyar. Ba karanta silayid ɗin za ki yi ba, suna gani da idonsu, ki ɗauki mutum biyu ko uku ki faɗi abin da suka yi. Ɗalibarmu ta ce tana gode wa sufabaizojinta biyu, da TETFund da ta ɗauki nauyin karatun, da Malam wane na lab wanda ya sake auna samfuri 14 da sakamakonsu ya fito ba daidai ba a karon farko, da manoman da suka bar ta ta haƙa rami a tsakiyar shukarsu, sauran sunayen suna allo. Ta gwada sau uku, daƙiƙa 34 ya ba ta. Wannan maganar ta samfuri 14 ita ce irin abin da ke sa a gane godiyar ta gaske ce, ba "taimako mara misaltuwa" da kowa ke faɗa ba.

Ki kuma shirya wa ranar da lokaci zai ƙare miki, don yana faruwa. In ciyaman ya ce ki tattara, kar ki tsallake kammalawa don ki yi godiya, kuma kar ki tsallake godiyar gaba ɗaya. Nuna silayid ɗin, ki ce sunayen waɗanda suka taimaka ga su nan ina gode musu, ƙirga uku a zuciya, ki danna na gaba. Tunda mai kuɗi yana silayid na farko, masu data da taswira suna kan nasu silayid, mutumin lab kin riga kin ambace shi a tsakiya, babu wanda haƙƙinsa ya salwanta.

Daren difens, ki tura wa sufabaiza silayid na farko da na godiya su kaɗai ya duba, don shi ya san wanda ya ara muku na'ura daga wani sashe ba ki sani ba, ya kuma san ko lambar tallafin da kika kwafa ta bana ce ko ta bara. In kuma duk da haka kin sauko kin tuna kin manta wani, ki same shi a ranar ki faɗa masa da bakinki kafin wani ya riga ki, sannan ki ƙara sunansa a shafin godiya na kundi, tunda dama sai an yi gyare-gyaren mai jarrabawa kafin a kai a ɗaure shi.